Shafi ɗaya, aiki ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan tsara karusal na koyarwa

Waɗannan tambayoyi ne da masu ƙananan sana'o'i a Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi suke yawan yi mini idan sun kawo hotunansu in duba: masu abinci, teloli, masu lalle, masu gyaran waya. Na tara su wuri ɗaya don bakina ya huta. Misalin da zan riƙe har ƙarshe shi ne karusal na suyar ƙosai da na haɗa wa wata Hajiya mai koko a bakin layinmu, domin a kansa na tafka kusan duk kurakuran da zan ambata.

1. Wai mene ne karusal ɗin, kuma me ya bambanta na koyarwa da sauran?

Karusal shi ne hotuna da yawa a cikin fos guda, waɗanda ake gogawa da yatsa daga dama zuwa hagu a ga na gaba. Kowane hoto a cikinsa shi nake kira shafi. Instagram ta kawo tsarin a 2017 da iyakar shafi 10, a 2024 ta ƙara shi zuwa 20.

Na talla ana kallonsa ne a zaune, a cikin tiro-tiro ko bayan sallar isha'i, kuma ko an fara daga tsakiya ba a yi asarar komai ba. Na koyarwa kuwa ana buɗe shi ne a tsaye, waya jingine da gwangwanin gishiri, hannu ɗaya cikin ruwan wake. Mai karatu zai duba, ya ajiye, ya yi aikin, ya dawo. Duk ƙa'idojin da ke ƙasa daga wannan dawowar suka fito: idan ya dawo da jiƙaƙƙen hannu, zai gane inda ya tsaya cikin ƙiftawar ido, ko sai ya sake karanta layi huɗu?

2. Malama, me ake nufi da aiki ɗaya? Ai girki gaba ɗayansa aiki ɗaya ne.

Aiki ɗaya shi ne abin da hannu zai yi ba tare da an sake duba waya ba, kuma idan an gama akwai abin da ido zai gani ya tabbatar an gama. Jiƙa wake aiki ɗaya ne: an zuba ruwa, an jira, ɓawon ya yi laushi. Murza shi wani aiki ne daban, don hannu ya canza abin da yake yi kuma alamar gamawa ta canza.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki rubuta matakin yadda za ki faɗe shi da baki, sannan ki ƙirga "sai ki" da "sannan" da ke ciki. A zubina na farko, shafi na uku ya ce: "Ki jiƙa wake, sai ki murza, sannan ki ɗauraye ki kai markaɗe." Umarni huɗu ke nan a ƙarƙashin hoto ɗaya, kuma hoton na ƙullun da aka riga aka markaɗa ne. Wadda ba ta taɓa yi ba ba za ta san kamannin waken da ya jiƙu ba, ba za ta san ko ɓawon ya fita yadda ake so ba. Shafin nan ɗaya shi ya koma huɗu.

Akwai wurare uku da nake yanka ko da jimlar ta yi kama da guda: inda aka ajiye wani kayan aiki aka ɗauki wani, inda za a jira, da inda kuskure ba ya gyaruwa idan an wuce. Ruwan da aka zuba wa markaɗe ba ya dawowa, saboda haka markaɗe ba ya raba shafi da kowa.

3. To ba za a wuce gona da iri ba? Kar a kai ga "ɗauki cokali" shafi guda, "ajiye cokali" shafi guda.

Ana wucewa, kuma yana gundurar mai karatu. Ma'aunin shi ne wanda kike koya wa. Idan abu ne da duk wanda ya taɓa shiga kicin zai yi ba tare da tunani ba, kamar ɓare albasa, a sa shi cikin shafin kayan haɗi: "albasa 1, a ɓare a yanka huɗu". Haka kuma abubuwa biyu da ke shiga wuri ɗaya a lokaci ɗaya aiki ɗaya ne. Zuba albasa da attarugu cikin wake kafin markaɗe ba ya buƙatar shafi biyu.

Tambayar da nake yi wa kowane shafi: akwai yadda za a yi wannan ba daidai ba? In babu, bai cancanci shafi ba.

4. Yaya cikakken jerin yake? A nuna mana na ƙosan.

Shafi 14 ne: fuska, kayan haɗi, matakai 11, da shafin gyaran matsala.

Fuskar hoton ƙosai ne an raba shi biyu ana ganin ramukan cikinsa, da rubutu layi biyu: "Ƙosai mai tashi, ba ya shan mai. Matakai 11." Shafi na biyu kayan haɗi ne a jere a kan faranti: wake gwangwanin madara 3, albasa 1 matsakaiciya, attarugu 2, gishiri, mai. Daga nan matakan: jiƙa wake minti 10 zuwa 15, murza shi, ɗauraye ɓawon, markaɗa da albasa da attarugu, ɗora mai a ƙaramar wuta, buga ƙullu, sa gishiri, gwada zafin mai, zuba da cokali, juya, kwashe. Kowannensu da shafinsa.

Ku lura gishiri ya samu shafi shi kaɗai, duk da cewa aikin bai kai sakan biyar ba. Hajiya ce ta dage. Ta ce, "Ɗiyata, in kika sa shi cikin kayan markaɗe, za su zuba tun farko, ƙullun ya tsinke kafin mai ya yi zafi." A wurinta lokacin da ake sa gishirin shi ne darasin, kuma abu ba ya nuna lokacinsa sai yana da nasa gurbin a jeri. Shafin ɗora mai kuwa babu shi a zubin farko, labarinsa yana tambaya ta 10.

5. Me da me ya kamata ya kasance a kan shafin mataki?

Abu huɗu, kuma kowanne a wuri ɗaya daga shafin farko har na ƙarshe: lambar mataki a sama, hoto a tsakiya, umarni, da alamar gamawa. Ga rubutun mataki na 6 kamar yadda ya fita:

Mataki 6 cikin 11. Buga ƙullun da muciya, ta gefe ɗaya, minti 5 zuwa 10. Ya yi idan ya yi fari ya ƙaru, kuma ɗigonsa ya taso a kan ruwa.

Umarnin ya fara da aikin kansa, ba da "yanzu kuma abin da za mu yi shi ne" ba. Awo yana cikin umarnin, ba a tura mutum ya koma shafi na biyu ya nemo ba. Layin ƙarshe, wato alamar gamawa, shi ne wanda kusan kowa yake mantawa, kuma shi ne ya fi amfani. Minti 5 na hannun Hajiya ba minti 5 na hannun yarinya 'yar shekara 14 ba ne. Agogo zai iya yaudarar mai koyo, amma ɗigon ƙullu a kofin ruwa ko ya taso ko ya nutse.

Dalilin aikin fa, wato cewa bugun yana cusa iska ne cikin ƙullu, iskar ita ke sa shi ya tashi a mai? In ya shiga cikin kalmomi biyar ko shida a sa, in bai shiga ba a kai shi kafshan, wato rubutun da ke ƙarƙashin fos ɗin (duba tambaya ta 9). Ni ina tsayawa wajen kalma 25 a shafi. Ba doka ba ce, gwargwadon abin da na ga mutum yana karantawa ne da kallo ɗaya waya na nesa da shi kamu guda.

6. Hoton ya nuna aikin ana cikin yi, ko bayan an gama?

Ya danganta da inda ake kuskure. Idan wahalar tana cikin yadda ake riƙe hannu, kamar murza wake tsakanin tafuka ko sakin ƙullu daga cokali dab da fuskar mai don kada ya fantsalo, a ɗauki hannun yana aiki. Idan wahalar tana cikin sanin ya yi ko bai yi ba, a ɗauki sakamakon. A shafin markaɗe ba bilenda muka ɗauka ba, kowa ya san bilenda. Cokali muka ɗauka an ɗaga shi, ƙullun yana saukowa a dunƙule, ba yana zuba kamar koko ba.

A ɗauka daga inda idon mai aikin yake, wato daga sama ta bayan kafaɗa, don damansa ya zama daman hoton. Wannan ya fi damun masu koyar da ɗaurin ɗankwali da masu lalle: idan an ɗauka daga gaba, "ja ta dama" a rubutu sai ya zama hagu a hoto, mai koyo ta rikice. Kuma kar a canza kwano ko wuri a tsakiyar jeri. Mun ɗauki matakai uku na farko a roba shuɗiya, aka ɗauke wuta, washegari muka ƙarasa a kwanon silba, sai ga tambaya wai a wane mataki ake juye waken cikin wani kwano. Babu wannan matakin, mu muka ƙirƙire shi ba da sani ba.

Ana iya sa gajeren bidiyo a matsayin shafi ɗaya. Ga juya ƙosai da matsami yana taimakawa, amma sakan biyar ko shida ya isa, kuma rubutun ya tsaya a kai, domin ba kowa ke buɗe murya ba, ba kuma kowa ke da datar jira ya buɗe ba.

7. Wane girma zan zaɓa a Canva, kuma me ya sa ƙ da ɗ suke fitowa wani iri?

Ga Instagram, `1080 x 1350` shi nake amfani da shi, wato tsaye kaɗan, don ya fi murabba'in `1080 x 1080` ba da wurin hoto da rubutu tare. Duk shafukan su zama girma ɗaya. A bar fili kamar fiksel 100 a kowane gefe ba rubutu, saboda a shafin furofayil ana datse gefen hoto, kuma lambar ƙirga ta Instagram tana zama a kusurwar dama ta sama. Wannan lambar tana da tarko: za ta nuna `8/14` alhali kina mataki na 6. Shi ya sa nake rubuta "Mataki 6 cikin 11" da babban baƙi a hagu, don ido ya kama tawa kafin tasu.

Maganar ƙ, ɗ, ɓ kuwa, yawancin salon rubutu masu ƙayatarwa ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Sai manhajar ta aro harafin daga wani salo, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko ya fito akwati. Kafin ki fara zane, ki rubuta "ƙosai, ɗanɗano, ɓawo, Ƙullu, Ɗauraye" ki gani, manya da ƙanana. `Noto Sans` yana da su duka. Don bugawa a waya, Gboard yana da allon Hausa. Na san a nan Kumasi da yawa ba ma sa lanƙwasar a saƙon waya, kuma ba wanda ya taɓa ɓata hanya saboda haka. Amma ko a sa ko'ina ko a bari ko'ina, kar shafi na uku ya ce ƙullu na huɗu ya ce kullu.

8. Idan hanya ta rabu biyu fa? Wasu bilenda gare su, wasu injin niƙa suke kaiwa.

Zaɓi hanya ɗaya ki bi ta har ƙarshe, ki faɗa tun a shafi na biyu. Mu mun zaɓi bilenda, don wake gwangwani 3 ba ya kai a tafi da shi inji. Wadda za ta kai inji mun ba ta layi ɗaya ƙarami a ƙasan mataki na 4: "In inji za ki kai, ki ce kar a tsuga ruwa." Da zarar an fara "in kina da kaza je shafi na 7, in ba ki da shi je na 9", an koma littafin makaranta, kuma goga yatsa ba ya tsallake shafi cikin sauƙi. Idan hanyoyin sun bambanta a fiye da mataki ɗaya, karusal biyu ne.

Masu koyar da abin waya su suka fi shan wannan. Wani ƙanena mai kiyos ɗin MoMo ya so ya nuna yadda ake cire kuɗi wurin ejan. Ya haɗa layukan waya daban-daban a jeri guda, kowane shafi da hotunan allo uku. Muka rage shi zuwa MTN kawai: danna `*170#` shafi ɗaya, zaɓar `Allow Cash Out` shafi ɗaya, amincewa shafi ɗaya, sa lambar sirri idan saƙon ya shigo shafi ɗaya. A irin wannan, allo ɗaya shi ne shafi ɗaya, kuma a rubuta sunan zaɓin yadda yake a allo, ba lambarsa kaɗai ba, don jerin zaɓin yana iya canzawa. A rufe suna, lambar waya da ragowar kuɗi kafin a ɗora.

9. Ina zan sa gargaɗi, da ƙarin bayanin da bai shiga shafi ba?

Gargaɗi yana zuwa kafin aikin, a kan shafin aikin, sama da umarnin. "Ruwa kaɗan-kaɗan, rabin gwangwani ki fara da shi" yana saman shafin markaɗe. Idan aka kai shi shafin ƙarshe a ƙarƙashin "abubuwan lura", za a karanta shi ne bayan ƙullu ya riga ya zama ruwa. Gargaɗi ɗaya a shafi, kuma ba a kowane shafi ba. Namu uku ne kacal cikin 11: ruwan markaɗe, jiƙaƙƙen hannu ko cokali kusa da mai mai zafi, da cika kasko.

Kafshan yana ɗaukar haruffa har 2,200, to nan ne wurin dalilai, da awon mai yin na sayarwa da olonka, da labarin yadda Hajiya ta gaji sana'ar. Amma kada wani abu da aikin ba zai yiwu ba sai da shi ya zauna a kafshan kaɗai. Mutane suna ɗaukar hoton allo su tura WhatsApp, kafshan ba ya bin su.

10. Ta yaya zan san jerin ya yi kafin in ɗora?

Ki ba wanda bai iya ba, ki zauna gefe, ki yi shiru. Shirun ne mai wuya. Ni ɗiyar yayata na ba, wadda ta sha cin ƙosai amma ba ta taɓa soyawa ba. Na ce mata kar ta tambaye ni komai, waya ce malamarta yau.

Abu uku nake kallo. Idan ta goga baya, akwai abin da ya kamata ya kasance a wannan shafin amma yana wani. Idan ta ɗago ta kalle ni, alamar gamawa ba ta fito ba. Idan ta goga gaba sau biyu a jere ba ta taɓa komai ba, na yanka aikin fiye da kima (tambaya ta 3). Ta bi lafiya har ta gama bugu, ƙullu ya yi fari ya taso gwanin sha'awa, ta sa gishiri, ta goga, sai shafi ya ce "gwada zafin mai". Ta juya ta ce, "Anti, wane man?" Kasko yana rataye a ƙusa. Ni da Hajiya duk mun duba jerin sau da yawa ba mu ga giɓin ba, saboda hannunmu yana ɗora mai ba tare da ya shawarci kanmu ba. Kafin ta hura wuta mai ya yi zafi, ƙullun ya kwanta, ƙosan ya fito a baje ya sha mai. Ranar muka ƙara mataki na 5, muka sa shi kafin bugu don mai ya riƙa ɗumi a ƙaramar wuta tana bugawa.

Irin waɗannan matakan ɓoye, na shiri da na jira, su ne gwani ba ya gani. Mai ɗinki zai manta ya ce a juya yadi ta bai, mai gyaran waya zai manta ya ce a kashe ta tukuna. Gwajin nan a yi shi kafin ɗorawa, don bayan an ɗora ana iya gyara kafshan, amma rubutun da ke jikin hoto ba ya gyaruwa sai an sake fos ɗin.

11. Matakaina sun kai 25. In matse su ko in raba?

Raba, kuma a inda aikin kansa yake hutawa. Tela mai koyar da buba zai yi awo da yanka a ɗaya, haɗi da ɗinki a na biyu. Kowanne da fuskarsa da kayan aikinsa, kuma shafi na biyu na kashi na biyu ya nuna abin da ya kamata ya kasance a hannunka kafin ka fara. Matsewa ita ce ke mayar da mutum ga kuskuren tambaya ta 2. Kafin rabawa dai, ka bi jerin da tambayar nan ta "akwai yadda za a yi wannan ba daidai ba", sau da yawa 25 tana komawa 17.

12. Zan iya sa shi a WhatsApp Status? Can ne kwastomomina suke.

Za ki iya, da gyara biyu. Status tsaye yake sosai, `1080 x 1920`, kuma yana wucewa da kansa bayan 'yan sakanni sai an danne shi da yatsa, ga shi yana ɓacewa bayan awa 24. Saboda haka ya fi dacewa da nuna wa mutane cewa darasin yana nan, ba da girki a tsaye ba. Wadda ta nema, ki tura mata jerin a matsayin PDF, shafukan ba za su hargitse ba kuma rubutun ba zai dushe ba. Idan hotuna za ki tura ɗaya-ɗaya, nan lambar "Mataki 6 cikin 11" take biyan kuɗinta, don in an yi ta turawa daga wannan guruf zuwa wancan, na tara yakan riga na huɗu isa.

13. Me zan sa a shafin ƙarshe? Kowa "ku bi ni" yake sawa.

Roƙon a bi ki ya tafi kafshan. Wadda ta kai shafin ƙarshe tana tsaye ne da abin da ta soya a gabanta, kuma in bai yi kyau ba tana son sanin a ina ta kauce. Namu layi huɗu ne, kowanne yana mayar da ita ga lambar mataki. Ya sha mai ya baje: ruwa ya yi yawa ko bugu bai kai ba, duba 4 da 6. Waje ya yi duhu ciki ɗanye: wuta ta yi yawa, duba 8. Ya nutse ya kama ƙasan kasko: mai bai yi zafi ba, shi ma 8. Baƙin ɗigo-ɗigo a ciki: hancin wake bai fita ba, duba 3.

Hajiya ta so a ƙara na biyar, na waɗanda suke barin ƙullu ya kwana ya yi tsami. Wurin bai isa ba sai an ƙanƙanta rubutu, sai muka kai shi kafshan. Har yanzu duk safiyar da na je sayen koko sai ta tuna mini.